Kuɗin Shago Ba Na Aljihu Ba Ne



Duk mai zaga Durumi, daga bakin Area 1 zuwa cikin lunguna, ya san shagunan kayan masarufi da mutanenmu ke buɗewa. Da yawa ba sa shekara biyu. In ka tambaya sai a ce kasuwa ce ta lalace, wani ma ya ce baki aka yi masa. Ni dai a ganina, mafi yawa hannun mai shagon ne ya cinye shi, kuma bai sani ba.

Mu ɗauki misali. Mutum ya zuba jarin naira 300,000, yana cinikin 40,000 a rana, ribarsa kashi 10 cikin ɗari, wato 4,000. Ragowar 36,000 kuɗin kayan da zai mayar kan kanta ne. To da safe ya zari 3,000 na cefane, ya ɗauki sukari da madara na 1,000 ya aika gida, ya sa kati na 500, ga baƙo daga ƙauye an ba shi 1,500 na mota. An kai 6,000. Kullum 2,000 na fita daga uwar kuɗi, wato 60,000 a wata. Wata biyar jari ya ƙare, ba a ma yi maganar haya ba.

Abin da ke ruɗin mutum shi ne kullum akwai kuɗi a durowa. A kanta ake gane ciwon. Mai saro katan biyar a Wuse ya koma saro biyu, daga nan rabi. Sai a fara jera kwalayen da babu komai a ciki don rufe giɓi, sannan karɓar kaya bashi wurin dila.

Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 lamarin ya ƙara dagulewa, domin ciniki ya koma taransifa. Asusun da kwastoma ke turo kuɗin taliya, da shi ake biyan kuɗin makaranta, da shi ake tura wa gida.

Na san za a ce ai don iyali aka buɗe shagon, kuma wanda ke Abuja ba ya iya cewa babu idan an kira daga gida. Gaskiya ne, zumunci wajibi ne. Amma a yi shi daga rabonka. Ka yanka wa kanka albashi ƙasa da riba, a misalinmu 2,500 a rana, ka buɗe wa shago asusunsa daban. Ko ashana ka ɗauka, ka rubuta ta da farashinta. Ƙarshen wata ka ƙirga kaya a farashin sari na ranar, ka haɗa da kuɗin hannu, ka cire bashin dila, ka gwada da na watan jiya. Bashin da kake bin 'yan uwa kuwa, kar ka sa shi a lissafi sai ya shigo hannu.