Rage surutu a takardar koke ba rashin ladabi ba ne

Duk shekara idan damina ta ƙarato, al'ummomin da ke zaune a fadamun kogin Haɗejiya sukan shiga rubuta takardun koke. Wasu na neman a gyara musu jinga, wasu na so a yashe hanyar ruwan da ciyawar kacala ta toshe, wasu kuma iri da taki suke nema bayan asarar da suka tafka. Wanda ya ga ambaliyar 2020 da ta 2022 a Jigawa ya san ba don nishaɗi ake waɗannan rubuce-rubuce ba.

A Malam Madori, kamar sauran ƙananan hukumomi bakwai na masarautar Haɗejiya, irin wannan takarda kan bi ta hannun mai unguwa ko dagaci ko kansila kafin ta kai ofishin shugaban ƙaramar hukuma. Wata ma takan wuce Dutse, zuwa hukumar ba da agajin gaggawa ta jiha, ko Kano, inda hedikwatar hukumar raya kogunan Haɗejiya da Jama'are take. A kowane mataki akwai mutum mai tarin aiki da zai duba ta cikin ɗan lokaci, sau da yawa ma hotonta zai gani a waya.

Matsalar ita ce da yawa daga cikin takardun nan sukan ɓoye buƙatarsu a ƙarƙashin tulin gaisuwa da kirari. Masu rubutawa na jin tsoron kada a ce ba su da ladabi idan suka taƙaita. Wannan tsoro kuskure ne, kuma yana iya jawo asarar gona. Ladabi na zaune ne a wurare kaɗan da aka sani a cikin takarda, sauran kuwa ciko ne da za a iya cirewa ba tare da an ɓata wa kowa rai ba.

Misalin takarda kafin gyara

A ɗauka wasu manoman shinkafa a wani ƙauye na ƙaramar hukumar sun zauna, sakatarensu ya rubuta wa shugaban ƙaramar hukuma kamar haka:

"Bayan gaisuwa mai tarin yawa tare da fatan alheri da fatan kana cikin ƙoshin lafiya kai da iyalanka da dukkan ma'aikatanka baki ɗaya, muna masu matuƙar farin cikin rubuto maka wannan takarda tamu domin mu yi amfani da wannan dama mu sanar da kai, kamar yadda kai ma ka sani, cewa a haƙiƙanin gaskiya al'ummar wannan yanki namu mai albarka sun daɗe suna fama da matsaloli daban-daban waɗanda ba za su lissafu ba, musamman ma dai abin da ya shafi ɓangaren ruwa, don haka muke kira da babbar murya da a duba lamarin da idon basira domin a yi abin da ya dace a lokacin da ya dace."

Jimla ɗaya ce tal, mai kalma fiye da 100. Wanda ya karanta ta har ƙarshe bai san me ya lalace ba, bai san me ake nema ba, bai kuma san lokacin da ake buƙatarsa ba. "Ɓangaren ruwa" na iya nufin ambaliya, yana iya nufin rijiyar burtsatse da ta mutu. Jami'in da ya karɓi wannan takarda, ko da yana da niyyar taimako, ba shi da abin da zai rubuta a gefenta balle ya san sashen da zai tura ta.

Yadda ake tsefe ta

Matakin farko ba yanka ba ne. Mai gyara ya ajiye takardar, ya tambayi masu ita da baki: me kuke so a yi muku? Amsar da suka bayar cikin numfashi ɗaya ita ce zuciyar takardar. A misalin nan za su ce jingarsu ce ta zaizaye, suna son buhuna da ƙasa kafin ruwa ya zo. Wannan magana ba ta cikin rubutun farko kwata-kwata, kuma haka yakan faru: inda ciko ya yi yawa, galibi akwai bayanin da aka manta.

Mataki na biyu shi ne bin kalmomin ɗaya bayan ɗaya da tambaya guda: idan aka cire wannan, mai karatu zai rasa wani bayani, ko zai ji an rage masa girma? Idan amsar duka biyun a'a ce, sai a cire.

"Muna masu farin cikin rubuto maka wannan takarda" ba ta gaya masa komai ba, domin takardar tana hannunsa. Ba ta ma dace ba, tun da ba farin ciki ne ya sa aka rubuto ba. "Mu yi amfani da wannan dama" salon jawabin taro ne. "A haƙiƙanin gaskiya" kan sa a yi tunanin ko sauran maganar ba gaskiya ba ce.

Wasu kalmomin ma da ake ɗauka na girmamawa ne, akasin haka suke yi. "Kamar yadda kai ma ka sani" na iya zama zargi a kunnen shugaba, wato ya sani amma ya yi shiru. "Muna kira da babbar murya" harshen taron manema labarai ne, ba na mai roƙo ba. Ita kuwa "a yi abin da ya dace a lokacin da ya dace" ta buɗe ƙofar a ajiye takardar har bayan kaka, ba tare da an saɓa wa ko kalma ɗaya a cikinta ba.

Mataki na uku shi ne gutsuttsura doguwar jimla. Mahaɗai irin su "domin", "wanda", "musamman ma" da "don haka" su ne ke ɗinke magana biyar ta zama ɗaya. Hanya mafi sauƙi ita ce a karanta da ƙarfi. Duk inda numfashi ya yanke, a duba ko an shiga sabuwar magana, in haka ne a sa aya. Kowace jimla ta ɗauki kaya ɗaya: gaisuwa, matsala, haɗarin da ke tafe, buƙata, godiya.

Ga yadda takardar za ta koma:

"Ranka ya daɗe, muna gaisuwa tare da fatan alheri. Bayan haka, jingar da ke kare gonakinmu na shinkafa ta zaizaye a wuri biyu tun daminar bara. Idan ruwa ya taso a watan Agusta, ta nan zai shiga gonakin magidanta 60. Muna roƙon a taimaka mana da buhu 500 da ƙasa tifa 10 kafin ƙarshen watan Yuni. Aikin cikawa da jerawa mu za mu yi da kanmu. Mun gode, Allah ya taya riƙo."

Jimla shida, kalmomin ba su kai 80 ba. Ta fi ta farko gajarta, ta kuma fi ta bayani nesa ba kusa ba. Alƙaluman misali ne kawai, amma suna nuna abin da ya kamata ya maye gurbin ciko: wuri, adadi da lokaci.

Inda ladabin yake

A duba abin da aka bari. An bar "ranka ya daɗe", an bar gaisuwa, an bar godiya da addu'a. An ce "muna roƙon", ba a ce "muna buƙatar" ko "ya zama dole" ba. An ce "a taimaka mana" maimakon "ka ba mu", domin Bahaushe ya san kauce wa nuna babba da yatsa a cikin magana shi ma girmamawa ne. A saman takardar kuma dole a rubuta muƙamin mutum ko sarautarsa daidai. Wanda ya kira hakimi dagaci ya yi laifin da shafi guda na kirari ba zai goge ba.

Akwai dattawan da za su ce wannan salon Turawa ne, ba a san Bahaushe da faɗa wa babba magana kai tsaye ba. Suna da gaskiya ta wani gefe. A fada ko a zaure, gaisuwa mai tsawo tana da aiki: a nan ake duba fuskar mai gida, a san ko lokacin kawo buƙata ya yi. Sai dai takarda ba ta ganin fuskar kowa. Kuma taƙaitawa ba baƙuwa ba ce a rubutun ƙasar nan. Wasiƙun sarakunan daular Sakkwato, da aka riƙa rubutawa da Larabci, yawancinsu gajeru ne: daga wane zuwa ga wane, sallama, sai "amma ba'adu", sai maganar, sai a rufe. Daga nan "bayan haka" da "haza wasalam" na wasiƙar Hausa suka samo tushe. Wani cikon da ake gani yau kuwa salon jawaban siyasa da sanarwar rediyo ne.

Inda ya kamata almakashi ya tsaya

Yanka ma yana da iyaka. Wanda ya ji an ce a taƙaita na iya rubuta: "Jingarmu ta lalace. A kawo buhu 500 kafin Yuni." Bayanin ya fito, amma roƙo ya koma umarni, kuma mai karatu zai ji haka tun daga layin farko. Gwajin da ke tona wannan kuskure shi ne mai rubutu ya tambayi kansa ko zai iya faɗar jimlar a gaban mutumin, yana durƙushe ko yana zaune a ofishinsa, ba tare da ya ji nauyi ba. In ba zai iya ba, ya yanke abin da bai kamata ba.

Haka kuma ma'aunin ba ɗaya ba ne ga kowace takarda. Wadda za ta je fadar Mai Martaba Sarkin Haɗejiya tana buƙatar cikakkiyar gaisuwar da ta dace da sarauta. Takardar ta'aziyya ko ta jaje kuwa, addu'ar ita ce saƙon, ba ciko ba ce. Abin da bai canzawa shi ne kada gaisuwa ta haɗiye maganar da aka zo da ita.

Kafin a sa hannu, yana da kyau a ba wani wanda bai halarci zaman ba ya karanta sau ɗaya, a karɓe takardar, a tambaye shi me ake nema da kuma yaushe. In ya amsa daidai, sai a karanta wa dattijo ɗaya a ji ko akwai inda ta yi kaushi. Takardar da ta tsallake waɗannan biyun ta isa a kai ta ofis. Manomin da jingarsa ta zaizaye yana da 'yan makonni ne kawai tsakanin saukar ruwan farko da cikar kogi, bai kamata ya ɓatar da su yana jiran a kira shi a tambaye shi me takardarsa ke nufi ba.