Kafin ka tura hoton nan, dubi falwayar da ke bayansa

Tun da hare-haren 'yan bindiga suka taɓa Shanono da Tsanyawa a ƙarshen 2025, duk hoton da aka liƙa wa sunan Bagwai sai ya yi ta yawo kamar wutar daji. Dalili kuwa a fili yake: Bagwai maƙwabciyar Shanono ce, kowa kunnensa a tsaye.

Kwanakin baya aka jefo wani a zauren WhatsApp na ajinmu: mota tana ci da wuta a bakin titi, mutane na gudu, an rubuta “Yanzu-yanzu a Bagwai”. Wata ƙawarmu da iyayenta ke wajen Dam ɗin Watari ta fice daga lacca tana kuka, ga layin babanta ya ƙi shiga. Kowa wutar yake kallo. Ni kuwa na buɗa hoton da yatsu biyu, na koma gefe-gefensa.

Fara da falwaya, don ita ce ba ta gudu. A garuruwanmu, wayoyin da ke raba wuta gida-gida galibi huɗu ne, tsirara, a jere ɗaya a saman ɗaya a jikin turken siminti. Manyan layuka masu 11kV ko 33kV kuma uku ne, bisa ƙarfen da aka gicciye a can sama. A hoton nan, waya ɗaya ce baƙa mai kauri, a murɗe kamar kitso. Wannan salon ya fi yawa a ƙasashe rainon Faransa. Wanda ya taɓa zaga Maraɗi ya san shi. Sai dai kada ka yanke hukunci da shi kaɗai, domin mu ma ana saka irinta a wasu unguwanni don hana satar wuta.

Sai fentin titi. Layin gefen kwaltar a hoton fari ne mai yankewa, ɗan zane, ɗan fili, ɗan zane, irin tsarin Faransa. Namu, inda aka damu aka zana ke nan, yawanci a miƙe yake ɗoɗar. Kuma mu faɗi gaskiya, hanyoyin karkara da yawa a Kano ba su da ko ɗigon fenti. Ɗan dakalin gefen titi ma haka: mai baƙi da fari ko baƙi da rawaya ka fi ganinsa a cikin birni, ja da fari kuma ya fi kama da shataletalen ƙetare.

Abin da ya kashe maganar shi ne wani ɗan guntun turke a ƙasan hoton, fari mai jan kai, samansa a zagaye. Alamar kilomita ce ta manyan hanyoyin ƙasashe rainon Faransa, irin wadda za ka gani idan ka wuce Jibiya ka hau hanyar Ɗan Issa zuwa Maraɗi. Ba irinta ake kafawa a hanyoyinmu ba. Alamu uku sun haɗu a kan abu guda: ba Bagwai ba ce, ba ma Najeriya ba ce.

To ina ne? Nan fa ɗaya. Nijar, Burkina Faso da Mali duk sun gaji tsari iri ɗaya, saboda haka iyakar abin da na iya rubutawa a zauren shi ne inda hoton bai fito ba.

Wannan iyakar ita ce mutane suka fi mantawa. Da a ce wayoyi huɗun nan na gani, da ban tabbatar da komai ba. KEDCO ce ke raba wuta a Kano da Katsina da Jigawa, don haka falwayar Bagwai da ta Malumfashi kamar an tsaga kara. Falwaya tana iya ƙaryata hoto, amma da wuya ta gaskata shi, kuma ba ta san ranar da aka ɗauka ba. Hoton 2019 da na jiya, turke ɗaya ne.

Wani tarko kuma shi ne hannun tuƙi. Najeriya ta koma hannun dama tun 1972, don haka motoci a hagu na iya nuna Kenya ko Afirka ta Kudu. Amma kyamarar gaba ta waya tana juya hoto kamar madubi. Nemi rubutu a jikin shago ko mota. In haruffan a juye suke, titin ma a juye yake.

Ƙawar tamu ta samu babanta wajen la'asar. Yana gona, cajinsa ne ya ƙare. Wanda ya turo hoton ya goge shi, amma kafin nan an riga an tura shi zauren unguwarmu da na 'yan makarantar allonmu.