Mai ƙera wasan waya, fara auna babban yatsa kafin ka zana komai

Duk wanda ya tsaya a bayan yaro yana buga PUBG Mobile ko Free Fire a unguwannin Omdurman ya san hoton: waya a kwance, hannu biyu sun rungume ta, manyan yatsu biyu sun kwanta a kan gilashi. Abin da mutane ba su cika lura da shi ba shi ne yawan wurin da yatsun nan suke cinyewa. A ganina, idan ɗan wasa ya faɗi saboda abin da ya kashe shi yana ƙarƙashin yatsansa, laifin na wanda ya tsara wasan ne. Ina faɗar haka ne musamman ga matasanmu masu koyon haɗa manhaja, waɗanda ke son yi wa ƙannensu wasannin lissafi da karatu. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 yara da yawa sun daɗe ba su ga aji ba, wayar gida ce ta zama allonsu. Kuma koyarwa ta wasa ba baƙon abu ba ne a nan: shirin Can't Wait to Learn na ƙungiyar War Child a Sudan aka fara shi, tare da Jami'ar Ahfad da ke Omdurman.

Bari mu ɗauki ruwla. Irin wayar da ta cika Kasuwar Libiya, mai fuska inci 6.5, idan ka kwantar da ita tsawonta kamar santimita 15 ne, tsayinta bai cika 7 ba. Faɗin babban yatsan baligi ya kai santimita 2 zuwa 2 da rabi, kuma ba tsayawa yake wuri ɗaya ba, lilo yake yi daga kusurwar ƙasa zuwa ciki. Mu ce yana kai wa santimita 4. Ka zana rubu'in da'ira mai wannan nisa a kusurwar hagu ta ƙasa, ka zana wani a dama. Idan ka lissafa, su biyun sun ci kusan kashi ɗaya cikin huɗu na fuskar wayar. Abin da ya rage a buɗe a ƙasa shi ne santimita 7 na tsakiya, sai kuma sashen sama. To wannan ne filin wasanka na gaskiya, sauran kuwa gonar yatsa ce.

Mutane kan kawo ƙa'idar Google, wadda ta ce kada maɓalli ya gaza 48dp, wato kamar milimita 9, ko ta Apple mai maki 44. Ƙa'idar tana da kyau, amma tana maganar ko yatsa zai sami maɓallin ne. Ba ta ce komai a kan abin da yatsan ya rufe yayin da yake dannawa, kuma yatsan ya ninka maɓallin faɗi fiye da sau biyu.

Ga misali. A ce Bahaushe ɗan unguwar Mayo ya haɗa wasan da lambobi ke saukowa daga sama, yaro yana tuƙa kwando hagu da dama don ya cafke amsar 7 sau 8. Hanya mafi sauƙi wajen rubutawa ita ce yaro ya ɗora yatsa a kan kwandon ya ja shi. Sai dai a daidai lokacin da 56 da 54 suka iso bakin kwando, lokacin da ake buƙatar ido ya bambance su, yatsa ya zauna a kansu. Yaron zai cafki 54, wasan ya rubuta cewa bai iya jadawalin bakwai ba, alhali ya iya, gani ne bai yi ba. A matsayina na mai koyarwa wannan ya fi damuna: maki na ƙarya, da yaron da aka sa ya yarda cewa shi daƙiƙi ne.

Gyaran ba shi da tsada. A ware wani zirin fili a can ƙasa, kamar santimita 2, inda yatsa zai riƙa zamewa, kwandon kuma ya zauna sama da shi yana bin motsin yatsan daga nesa. Lambobin su riƙa saukowa ta tsakiya, kada ko ɗaya ta bi ta kusurwoyin nan biyu. Idan kuma dole ne a ja abu da yatsa, kamar harafi zuwa gurbinsa, to da zarar an taɓa shi ya ɗaga sama da kan yatsan da santimita 1 zuwa 2, yadda ake ganinsa ana ganin inda zai sauka. Wasannin jera tubala irin Block Blast haka suke yi. Dabarar ma tsohuwa ce: tun 2007 Daniel Vogel da Patrick Baudisch suka gabatar da wata hanya mai suna Shift, wadda ke nuna hoton wurin da yatsa ya rufe a gefensa.

Akwai abin da ya shafe mu mu da yaranmu ke karatu da Larabci. Rubutun yana farawa daga dama, hannun da yawancin yara ke taɓa waya da shi ma daga dama ta ƙasa yake shigowa. Idan ka ajiye tambaya a ƙasan fuska, kalmar farko, wadda ita ce ke cewa "tara" ko "ɗebe", ita hannun zai fara rufewa. Tambaya da maki da lokacin da ya rage, duk a kai su sama. Ƙasa ta maɓallai ce kawai.

Na san abin da wasu za su ce: ai PUBG Mobile ya ba kowa damar matsar da maɓallai, ya rage girmansu, ya dusashe su, mu ma sai mu yi haka. Ban yarda wannan ya isa ba. Dusashe maɓalli ba ya dusashe yatsa. Kuma abin da ya ceci PUBG Mobile tun asali shi ne wurin saiti yana tsakiyar fuska koyaushe, taswira tana sama, yatsu suna juya kyamara ne daga gefe. Saurayin da ya ƙware har yana wasa da yatsu huɗu zai zauna ya gyara tsarinsa. Yarinya 'yar shekara bakwai da ta ari wayar mahaifiyarta na minti ashirin kafin caji ya ƙare ba za ta buɗe saituna ba. Yadda ka ba ta, haka za ta buga. Zaɓi ɗaya da nake ganin wajibi ne shi ne juya tsarin don bahago.

Ta yaya za ka gane ka yi kuskure? Ba a kwamfuta ba, domin kibiyar linzami ba ta rufe komai, shi ya sa matsalar ke ɓoyewa har wasa ya fita. Goge gilashin wayar tas, ba yaro ya buga minti biyar, sannan ka kashe fuskar ka karkata ta ga haske. Maiƙon yatsa da ƙurar Khartoum za su zana maka inda hannu ya zauna. Kunna wasan ka duba me ke wucewa ta ƙarƙashin tabon. Ka kuma tsaya bayansa ka lura: idan yana ɗaga yatsa yana leƙawa, ko yana karkata kai, ko kurakuransa sun taru a kusurwa ɗaya, ka samu amsarka. A gwada da ƙaramin yaro, domin yatsansa gajere ne, sai ya turo tafin hannunsa gaba ɗaya kan gilashin kafin ya kai maɓalli. A kuma gwada da wayar da ta tsage a kusurwa, irin wadda take hannun yawancinmu, inda taɓawa ba ta kamawa sosai kuma a nan ne aka saba ajiye maɓallin tsalle.