Katangar da ake nuna muku a littafin oda, wa ya biya kuɗin gininta?

Tun da wasannin latsa waya irin su Notcoin da Hamster Kombat suka jawo matasan Arewa cikin harkar kirifto a 2024, aka kuma fara cinikin Pi a manyan kasuwanni a watan Fabrairun 2025, an samu wasu sababbin malamai da ke karɓar kuɗin wata domin su ba da abin da suke kira sigina. Almajiransu ba 'yan zaman kashe wando kaɗai ba ne. Har da malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da na ƙananan hukumomi, tun daga Haɗeja har Miga da Jahun, masu tsakurar albashi suna sayen USDT. Hujjar da malaman nan suka fi so ita ce hoton allo: su ɗauko littafin oda, su zagaye wata ƙatuwar lamba da jan layi, su ce ga katanga, manya sun tsaya a nan, farashi ba zai wuce ƙasa ba, ku saya.

Ra'ayina shi ne wannan hoton ba hujja ba ne. Wanda ke sayar da shi a matsayin hujja ko dai bai san kasuwar ba, ko kuma ya santa sarai, kuma na biyun ya fi muni.

Littafin oda, wanda manhajoji irin su Binance da Bybit da OKX ke rubuta wa Order Book, jerin tayi ne da ba a riga an karɓa ba. Koren ɓangare na masu son saye ne, kowa da farashin da ya taya da yawan da yake so. Jan ɓangare na masu son sayarwa ne. Katanga kuwa ita ce oda da ta zarce na kusa da ita nesa ba kusa ba. Ga misali na ƙirƙira, na wani tsaba da farashinsa ke kan 0.500:

```
Price(USDT)   Amount
0.499         18,000
0.495         22,000
0.490         20,000
0.485         17,000
0.480        900,000
```

Dubu ɗari tara a kan 0.480 ya kai dala 432,000. Ido na ganinsa zai ce kafin farashi ya faɗi ƙasa da nan sai an sayar wa mutumin nan kaya na wannan kuɗin duka. Haka ne, amma da sharaɗin yana nan lokacin da farashin ya iso.

A nan hankalin ɗan kasuwar gargajiya ke yaudararsa. Idan falke ya jibge buhun shinkafa ɗari uku a kasuwar Gujungu, ya biya mota, ya biya 'yan dako, kuma idan ya fasa sayarwa sai ya sake biyansu su kwashe. Dillalin da ya taya kaya a kasuwar kifi ta Haɗeja ya janye bayan an sallama, mutuncinsa ya taɓu, gobe ba mai sauraronsa. Tayi a can yana da tsada, shi ya sa ake yarda da shi. A kan allo kuwa, ɗora oda da soke ta duk kyauta ne, sai an yi ciniki ake cire la'ada. Babu suna, babu fuska. Abin da ake buƙata kawai shi ne kuɗin ya kasance a asusu na ɗan lokacin da odar take tsaye, a kasuwar da ake ba da rancen ninki kuwa wani ɓangare ma na kuɗin ya isa.

Sai a tambayi mai katangar abin da yake nema. Wanda da gaske yake son sayen dubu ɗari tara, araha yake so. Idan ya shelanta buƙatarsa, kowa zai riga shi saye, farashi ya hau, ya cuci kansa. Don haka manyan masu saye na gaskiya sukan rarraba odarsu ƙanana ƙanana, ko su yi amfani da odar da ke nuna ɗan kaɗan ta ɓoye sauran, wadda a allo ake rubuta wa Iceberg. Wanda ya baje ƙatuwar oda a fili, sau da yawa ganin da za a yi mata shi ne amfaninta a wurinsa.

Ga yadda lissafin ke tafiya. A ce mutumin yana riƙe da tsaba 60,000 da yake son rabuwa da su. Sai ya kafa katangar saye a 0.480, kashi huɗu cikin ɗari ƙasa da farashi, inda za a gan ta amma da wuya a taɓa ta. Masu kallo su samu natsuwa, su ruga saye, masu sayarwa su ja baya suna jiran ƙari. Farashi ya tashi zuwa 0.510. Nan sai ya sauke kayansa a kansu, ya samu ƙarin dala 600 a kan abin da zai samu da farko, ya soke katangar. Bai sayi ko ɗaya ba. Wato katangar saye ta bogi alama ce ta mai son sayarwa, akasin abin da malamin sigina ya karanta wa almajiransa.

Wannan ba zargi ne na mai tsoron kasuwa ba, an yi shari'a a kansa. Navinder Sarao, wani ɗan Birtaniya da ke ciniki daga gidan iyayensa a Hounslow da ke Landan, ya yi amfani da manhajar da ke jera manyan ododin sayarwa a kasuwar Chicago, 'yan matakai kaɗan sama da farashi, tana kuma matsar da su duk lokacin da farashin ya kusanto. Hukumomin Amurka sun ce a ranar 6 ga Mayun 2010, ranar da ma'aunin Dow Jones ya rikito da kusan maki dubu cikin mintuna, an sauya ododinsa na kimanin dala miliyan 200 har sau 19,000 kafin a soke su. Masana na jayayya kan ko shi ya haddasa rikitowar, amma shi kansa ya amsa laifin yaudarar a 2016. Dokar Dodd-Frank ta 2010 ta ba laifin ma'ana a taƙaice: ɗora oda da niyyar soke ta kafin a cika ta. Da ita aka samu Michael Coscia da laifi a 2015, aka yanke masa ɗaurin shekara uku. A 2020 bankin JPMorgan ya yarda ya biya kimanin dala miliyan 920 kan irin wannan a kasuwar zinariya da azurfa da takardun bashin gwamnati. Idan ana yi a kasuwar da hukuma ke da sunan kowane mai oda, sai a ƙiyasta abin da ake yi a kan ƙaramin tsaban da aka ƙirƙira bara.

Za a ce, to ai akwai katanga ta gaske. Akwai. A watan Oktoban 2014 wani ya ɗora Bitcoin 30,000 na sayarwa a kan dala 300 a kasuwar Bitstamp, kimanin dala miliyan tara. Bai janye ba. Masu saye suka yi ta gutsura na wasu sa'o'i har suka cinye ta ƙaf, sannan farashi ya wuce sama. Abin lura shi ne ko ta gaskiyar ma ba ta tsayar da farashi har abada ba, jinkirta shi kawai ta yi. Kuma ba a tabbatar da gaskiyarta daga hoto ba, sai da aka ga an taɓa ta ta tsaya.

Mutanen bakin kogin Haɗeja sun san ba a yabon jinga da rani, sai ruwan Satumba ya dake ta. Gwajin katanga ma sai farashi ya iso, kuma kayan gwajin yana nan gefen littafin oda, a jerin cinikin da aka riga aka yi, wanda ake rubuta wa Market Trades ko Trades. Littafin oda alkawari yake nunawa, wannan jerin kuwa abin da ya riga ya canja hannu.

Mu koma ga misalinmu. Farashi ya sauko ya taɓa 0.480, lambar 900,000 ta ɓace. Tambayar ita ce, cinye ta aka yi ko janye ta aka yi? A haɗa cinikin da jerin ya nuna a kan 0.480 a wannan lokacin. Idan ya kusa 900,000, mai katangar ya saya da kuɗinsa. Idan 15,000 ne kawai, to 885,000 soke su aka yi, kuma waɗanda suka jingina da ita ba abin da ke ƙarƙashinsu. Sau da yawa ba a ma kaiwa nan. Farashi na zuwa 0.485 sai katangar ta ɓace ta ɓullo a 0.465, da adadi iri ɗaya. Idan farashi ya hau, ita ma ta hau, kullum da tazara ɗaya tsakaninsu. Mai son saye a 0.480 ba shi da dalilin gudu daidai lokacin da aka kawo masa kaya a 0.480. Wannan shi ne salon Sarao, kuma shi ne alama mafi ƙarfi da ido zai iya kamawa.

Akasin haka shi ya fi cancantar kulawa, kuma shi ne hoto ba ya taɓa nunawa. Mataki yana nuna 20,000 kawai, an sayar masa 300,000, har yanzu yana nuna 20,000. Wani ne ke sake cikawa a ɓoye. Wannan mai saye ya biya kuɗi, ga kuma shaidarsa a jerin ciniki.

Akwai kuma katangar da ba kowa ya gina ta ba, manhaja ce ta tara ta. A saman littafin akwai wurin zaɓen tazara, 0.001 ko 0.01 ko 0.1. Idan aka zaɓi mai faɗi, ododin matakai goma ko ɗari sai su dunƙule a layi guda su zama dutse. Duk wanda ya turo hoto bai nuna wannan zaɓin ba, a tambaye shi. Haka lambobi masu cika irin 0.500 ko 1.000 kan tara ododin ƙananan mutane da yawa, waɗanda kowannensu ke iya janyewa. Kuma littafin kasuwa guda ba ya nuna abin da ke sauran kasuwanni: idan farashi ya karye a Binance, katangar da ke wata ƙaramar kasuwa ba za ta riƙe shi ba.

Adalci ne a faɗi cewa ba duk soke oda ne yaudara ba. Masu tsayar da kasuwa suna janye tayi idan labari ya sauya, kuma niyyar da doka ke hukuntawa ba a karanta ta a allo. Shi kansa jerin cinikin ana iya gurɓata shi a ƙananan kasuwanni, inda mutum ke sayar wa kansa don a ga hada-hada. Amma wannan ƙara raunana hujjar malamin sigina yake yi, ba ƙarfafa ta ba.

Sai batun lokaci, wanda shi ya fi ba ni haushi idan na ji ana cewa a saya tare da katanga, in ta janye a fita. Manhajar Coscia tana soke oda cikin ɗan yankin daƙiƙa. Ma'aikacin da ke Miga yana riƙe da waya, sabis na ɗaukewa yana dawowa, ga aikin ofis a gabansa. Kafin malamin ya ɗauki hoto, ya zagaye, ya rubuta bayani, ya tura, almajiri ya buɗe, an shafe mintuna. Littafin ya sauya sau ɗaruruwa a tsakani. Malamin da ke son a yarda da shi sai ya kawo bidiyo na lokacin da farashi ya taɓa katangar, da jerin ciniki a gefe, ya haɗa lambobin a gaban almajiransa kafin ya nemi kuɗin wata mai zuwa.