Zauren Fatake: Riba a takarda, kasada a sito

Idan riɗi ya fara shigowa kasuwar amfanin gona ta Gadarif a watan Oktoba da Nuwamba, da wuya ka sami ɗan kasuwar da kuɗinsa ke wuri ɗaya. Wani kaya yana sito a cikin gari, wani ya bi hanyar Kasala ya sauka Bur Sudan, ga kuma alkawarin da aka ɗauka wa mai saye daga Matamma ta iyakar Galabat. Yawancinmu kowace kasuwa da littafinta, kuma kowane littafi riba yake nunawa. Abin da ba ya nunawa shi ne nawa za a rasa idan farashi ya juya. Wannan sai an tara komai a shafi ɗaya.

Shafin ba shi da wuya. Ana iya zana shi a littafi, ana iya yin sa a Excel ko Google Sheets a waya. Kowane ciniki da ba a rufe ba yana samun layinsa, kowane layi kuma gida shida: A sunan kaya, B kasuwa, C yawa, D farashin da kaya ya tsaya maka, E farashin yau, F riba. Farashin da ya tsaya maka ba na gwanjo kaɗai ba ne. Sai ka haɗa da la'adar dillali, buhu, dako, mota, haraji da hayar sito. Kuma duk shafin da kuɗi ɗaya za a rubuta shi, wato fam na Sudan, da ma'auni ɗaya, wato kintari.

Mu ɗauki misali. Alƙaluman na koyarwa ne, kowa ya sa na kasuwarsa. Layi na farko: riɗi kintari 200 a siton Gadarif, ya tsaya kan fam 100,000 kowane kintari, yau ana saye 110,000. Riba 2,000,000. Na biyu: kintari 100 a Bur Sudan, ya tsaya kan 118,000 da kuɗin mota, yau 125,000. Riba 700,000.

Layi na uku shi ne wanda ake yawan mantawa. An yi wa mutumin Matamma alkawarin kintari 120 a kan bir 6,000 kowanne, mota a wuyansa, zai biya idan ya karɓa. Ranar cinikin bir ɗaya fam 20 ne, ke nan kintari ya kama 120,000. Tunda kayan nan fita zai yi, sai a rubuta yawansa da alamar ragi: −120. Farashinsa na yau shi ne abin da za ka biya ka sayo irinsa a Gadarif, 110,000. Riba 1,200,000. Ƙa'ida ɗaya ce ke aiki a kowane layi, na saye da na alkawari:

```
=C2*(E2-D2)
```

Wanda ya tsaya a nan zai ce ribarsa 3,900,000 ce, ya fara tunanin ƙara mota. To amma akwai layi na huɗu. Bir 720,000 da ake jira daga Matamma shi ma haja ne, yana tashi yana faɗuwa kamar riɗi. A rubuta shi: kaya bir, yawa 720,000, ya tsaya kan 20. Idan yau mai canji 18 yake biya, asara ta zama 1,440,000. Ribar alkawarin duka ta tafi, har ta ci 240,000 daga sauran. Jimillar riba ta koma 2,460,000, ita ma a takarda take, ba ta shiga aljihu ba.

Yanzu sai kasada, wato yawan dukiyarka da ke tsaye tana jiran abin da farashi zai yi. Ba kasuwa-kasuwa ake lissafa ta ba, kaya-kaya ake yi, domin riɗin Gadarif da na Bur Sudan masu fitarwa waje ɗaya ne ke saye. Idan suka ja baya, duka biyun ke sauka. Kintari 200 da 100, a cire 120 da aka riga aka yanke wa farashi, saura 180. A waya haka ake tarawa:

```
=SUMIF(A:A,"ridi",C:C)
```

A kuɗi, layukan riɗin uku a farashin yau sun kama 22,000,000 da 12,500,000, a cire 13,200,000, saura fam 21,300,000. Idan riɗi ya faɗi da kashi 10 cikin 100, asara 2,130,000 ce. Daga ribar 2,460,000 saura 330,000 kacal. Bir kuma ya ƙara sauka da fam ɗaya, 720,000 sun tafi, an fara cin uwar kuɗi. Wannan gwajin ya kamata a yi kowane mako: idan faɗuwar kashi 10 za ta taɓa kuɗin da ba naka ba, na ɗan'uwa da ya aiko daga Jidda ko sarƙar uwargida da aka sayar aka zuba, to kaya ya yi yawa. A sayar da wani sashe, ko a yanke masa farashi da mai saye da aka amince da shi.

Abubuwa uku ke sa shafin ya yi ƙarya. Na farko ma'auni. Kintarin Sudan kusan kilo 45 ne, kuntal na Habasha kuwa kilo 100. Sunayen sun yi kama, nauyin ya ninka fiye da biyu. Wanda ya ji farashin kuntal daga Matamma ko Humera ya zuba shi a layin kintari zai ga ribar da babu ita. Alamar ita ce layi ɗaya ya yi wa 'yan'uwansa fintinkau ba dalili. Haka dawa: da ardab ake cinikinta a Gadarif, don haka jimillarta daban, kada a haɗa da ta riɗi.

Na biyu tsohon farashi. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 darajar fam take ta zubewa, farashin makon jiya ba na yau ba ne. A ƙara gida na bakwai a rubuta ranar da aka ji farashin. Kuma farashin da za a saya a hannunka ake rubutawa, ba wanda ake tallatawa ba. Idan biyan tsabar kuɗi da na Bankak sun bambanta, a zaɓi ɗaya a tsaya a kansa.

Na uku cire alkawari daga abin da ke sito. Cirewar tana daidai ne kawai idan kayan iri ɗaya ne kuma yana kusa. Idan farin riɗi aka yi alkawari, na sito kuma ja ne, ko kuwa kayan da ake dogaro da shi yana Bur Sudan, to alkawarin bai rage kasada ba, ƙari ya yi: sai an shiga kasuwa an sayo ko nawa ne. Irin wannan sai a raba suna a gidan A, fari daban, ja daban. A kuma kula da rubutu: idan wani layi an sa ridi, wani riɗi, wayar za ta ɗauke su kaya biyu ta bar ɗaya.

Duk ranar Alhamis a ƙidaya buhunan sito a gwada da gidan C. Cinikin da aka rufe aka karɓi kuɗinsa a ɗauke shi zuwa wani shafi, don kada ribar da ta shigo ta rufe asarar da ke tafe. Yaron gida da ya iya waya zai iya riƙe shafin, amma farashi daga bakin maigida zai fito. Allah ya ba da kasuwa mai albarka.