Sharhi: Dalilin da ya sa farashin kuɗaɗe ya fi motsi idan kasuwar Landan ta haɗu da ta New York

A Minna, babban birnin Jihar Neja, ana samun matasa, daga Bosso zuwa Tunga, da ke saye da sayar da kuɗaɗen ƙetare ta wayar hannu. Da yawansu sun lura cewa farashin Yuro da Dala kan kwana kusan wuri guda, amma da azahar ta yi sai ya fara tsalle. Dalilin yana tattare da agogo da kuma lokacin fitowar labarai.

Kasuwar canjin kuɗaɗe ta duniya ba ta da rumfa ɗaya. Bankuna ne ke ciniki da juna, gari na rufewa wani na buɗewa. A agogon Najeriya, Tokyo kan buɗe da misalin ƙarfe 1:00 na dare. Daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba, Landan kan buɗe da ƙarfe 8:00 na safe ta tashi wajen 5:00 na yamma, New York kuma ta shigo da 1:00 na rana. Ke nan awa huɗu, daga 1:00 zuwa 5:00, manyan kasuwannin biyu suna ci tare. Daga Nuwamba zuwa farkon Maris lokacin kan koma 2:00 zuwa 6:00, domin Birtaniya da Amurka suna mayar da agogonsu baya, Najeriya kuwa ba ta taɓa nata.

Binciken Bankin BIS na 2022 ya nuna ana cinikin kusan Dala tiriliyan 7.5 a kullum, inda Birtaniya ke da kusan kashi 38 cikin ɗari, Amurka kuma kashi 19. Fiye da rabin cinikin duniya yana hannun ƙasashen biyu.

Sai dai yawan jama'a kaɗai ba ya bayyana lamarin. Duk wanda ya san Kasuwar Kure ya san cewa idan masu saye da masu sayarwa suka yi yawa, mutum ɗaya ba ya iya juya farashi. Abin da ke juya shi shi ne labarin da ya iske kowa a lokaci guda. Amurka tana fitar da alƙaluman hauhawar farashi da na guraben ayyuka da ƙarfe 8:30 na safe agogon New York, wato 1:30 ko 2:30 na rana a Minna. A wannan minti ne dubban dillalai ke sake lissafin inda kuɗin ruwan Amurka ya dosa, bankuna su janye tayinsu na ɗan lokaci, farashi ya tsallake matakai da dama kafin ya sami mai karɓa. Da ƙarfe 4:00 agogon Landan kuma ake tsayar da farashin da manyan asusun zuba jari ke lissafi da shi, don haka manyan odoji kan taru a gab da lokacin.

A ɗauki misalin matashin da ke da Dala 200 a asusunsa, ya sayi Yuro 10,000 ta hanyar bashin dillali a kan EUR/USD. Kowane ɗigo, wato lamba ta huɗu bayan aya, Dala ɗaya ne a gare shi. Idan farashi ya sauka daga 1.0850 zuwa 1.0835 cikin dare, ya yi asarar Dala 15. Idan kuwa bayan fitar rahoto ya faɗo zuwa 1.0790, Dala 60 ta tafi, kusan kashi ɗaya cikin uku na jarinsa. Ko da ya sa umarnin tsayar da asara a 1.0830, ana iya rufe masa a ƙasa da haka, domin babu mai saye a daidai wurin. Rahoton guraben ayyuka galibi yana fitowa ne a Juma'ar farko ta wata, a sa'o'in da yawancin mutanen Minna ke masallaci ko kan hanyarsa, waya na aljihu.

Shirun dare ma ba amana ba ne. Bayan New York ta tashi, kafin Tokyo ta kankama, tazarar da ke tsakanin farashin saye da na sayarwa kan faɗaɗa, abin da mai ciniki zai iya gani a fuskar wayarsa. A ranar 7 ga Oktoban 2016, jim kaɗan bayan ƙarfe 12:00 na dare agogon Najeriya, Fam ɗin Birtaniya ya faɗi da fiye da kashi 6 cikin ɗari a 'yan mintoci, saboda masu saye sun yi ƙaranci, kafin ya farfaɗo da mafi yawan abin da ya rasa.

Wannan jadawali bai shafi Naira kai tsaye ba. Farashinta ya fi bin yawan Dalar da ke shigowa ƙasa da matakan Babban Bankin Najeriya, kamar haɗe kasuwannin canji da ya yi a Yunin 2023. Amma ɗan kasuwar Minna da zai biya kuɗin kaya da Yuro ko Fam, lissafinsa yana ratsawa ta Dala, kuma farashin da aka faɗa masa da hantsi na iya canzawa kafin la'asar.