Kafin ku sayi sikeli, ku tambayi asalin ƙarfen

Ƴan uwa matasan Arlit da Akokan, tun da Kominak ta rufe a ranar 31 ga Maris 2021, kusan kowace fada na zauna sai na ji maganar jari bola: mu haɗu mu biyar, mu sayi sikeli da kura, mu shiga tara ƙarfe. Ina goyon baya. Amma ƙarfen Arlit ba ɗaya yake da na Maraɗi ko Zinder ba, kuma wanda ya shiga sana'ar bai san haka ba, yana caca ne da jarinsa da huhunsa.

Mu fara da lissafi. A ce kun sayi baƙin ƙarfe sefa 50 kilo, dillali a kudu zai biya 125. Sai dai daga nan zuwa Agadas kawai kusan kilomita 240 ne, kuma kowa ya san halin hanyar. In kuɗin mota da lodi suka ci 50, saura 25 a kilo, wato jika 25 a tan guda, a raba wa mutum biyar. Farashi yana canzawa, don haka ku sa na ranar ku sake bugawa, amma darasin ɗaya ne: baƙin ƙarfe nauyi gare shi, hanya ce ke cinye ribarsa. Abin da zai riƙe ku shi ne tagulla da alminiyam. Ku rataya mayen ƙarfe a wuya. Abin da ya kama ku jefa tarin baƙin ƙarfe, wanda bai kama ba ku duba shi da kyau. Tagulla tana da tsadar da za ta ɗauki kuɗin mota, alminiyam kuwa masu zuba tukwane na gari za su saya ba sai ya hau mota ba.

To a nan gizo ke saƙar. A Disamban 2003, ƙungiyar CRIIRAD ta Faransa tare da Aghir In'Man ta nan gida sun auna tarkacen ƙarfe a kasuwar Arlit, suka samu wanda ke fitar da tururin nukiliya. A Nuwamban 2009 Greenpeace ta zo, ta sake samun irinsa. Bututu ko tanki da ya yi shekaru yana ɗaukar ruwan ma'adinin yuraniyom, cikinsa yakan yi ɓawo mai tauri, kuma a wannan ɓawon gubar take. Ba ta wari, ba ta zafi a hannu, ido ba ya gane ta. Wuta ma ba ta kashe ta: in an yanka ko an narka, sai ta bi ƙura da hayaƙi, ta shiga ƙirjin yaron da ke riƙe da injin yanka. Ku tuna kuma inda ƙarfen garinmu ke ƙarewa: ƙofa, rufin ɗaki, murhu, tukunyar da inna ke dafa tuwo.

Saboda haka shawarata uku ce. Ta farko, ku tsaya kan kayan da kuka san tarihinsu: gwangwani, tsohuwar tukunya, wayar gida, kayan mota da babur daga gareji. Ta biyu, duk bututu, bawul, famfo ko tankin masana'anta da mai shi ya kasa faɗin inda ya fito, ku bar masa abinsa ko da kyauta ne, musamman in cikinsa da ɓawo. Araha ba ta ado. In kun zuba jika 100 a tan biyu, aka gano bututu ɗaya mai guba a cikin lodin, wa zai sake yarda da sauran? Ta uku, ku ajiye littafi: rana, kaya, nauyi, sunan mai sayarwa. Shi ne kuma zai kare ku ranar da aka zo cigiyar wayar sata.

Amma ƙa'idar baki ba ta isa, sai an auna. Ana fara auna wuri nesa da tarin don a san ƙidayar ƙasa, sannan a manna na'urar a jikin ƙarfen, har bakin bututun. In lamba ta yi tsalle fiye da ta farko, a ware shi gefe, kar a yanka, kar yara su taɓa, a sanar da hukuma. Matasa biyar masu jarin jika 100 bai kamata a ɗora musu wannan nauyi su kaɗai ba. Kirana ga ofishin magajin garin Arlit shi ne a ajiye na'urar awo da ma'aikaci horarre a kasuwar ƙarfe, awo kyauta, a kuma ware wurin karɓar abin da ya faɗi awo. In babu wurin kai shi, gobe zai koma bola, jibi wani yaro ya sake kawo mana shi a kura.